Amsa-amo da guraben haruffa: me ya sa tambaya ɗaya take haifar da amsa biyu?

Idan aka ce maka, "Kawo kalma mai amsa amo da *tari*, haruffa biyar, na biyunsu W," mece ce amsa? Wani zai ce *kwari*, wani ya ce *ƙwari*, Basakkwace kuma ya ɗaga hannu ya ce ai *hwari* ma ta shiga. Kowannensu yana da hujja, kuma kowannensu zai iya rantsuwa cewa sauran ne ba su iya Hausa ba. Irin wannan gardama ta yawaita tun da wasannin kalmomi suka koma cikin waya, musamman bayan da Wordle ya fito a 2021 ya koya wa jama'a kallon kalma a matsayin gurabe biyar da ake cikewa. Da yawa suna ɗauka wasan ne ba shi da kai, ko kuma mai tambayar ne ya yi son rai. Sau tari ba haka ba ne. Tambayar ce ta haɗa abu biyu da ba ma'auni ɗaya ake auna su da shi ba: amsa-amo da kunne ake jin sa, guraben haruffa kuwa da ido ake ƙirga su.

## Abubuwa biyun da tambayar ta ƙunsa

Wasan cike gurbi, wanda kalmomi suke gittawa juna a tsaye da kwance, ya fara fitowa a jarida ne ranar 21 ga Disamba 1913, lokacin da Arthur Wynne ya buga shi a New York World. Kowace kalma tana da manuniyarta, wato ɗan bayanin da zai kai mutum gare ta. Galibi ma'ana ake bayarwa, amma akwai nau'in da ba ya faɗin ma'ana sam, sai dai ya ce kalmar tana amsa amo da kaza. Wannan nau'in shi ne abin maganarmu.

Rabin farko na tambayar shi ne kalmar da aka ba ka don ka ji amonta. Rabi na biyu shi ne zubin haruffa: gurabe nawa ne, kuma wane harafi ne ya riga ya zauna a wane gurbi. Ana rubuta shi da alamar tambaya a mazaunin harafin da ba a sani ba, kamar `?W???`. A wasan gicciye, haruffan da aka sani suna zuwa ne daga kalmomin da suka gitta wadda ake nema.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, amsa-amo wutsiyar kalma yake kamawa. Ba ya gaya maka komai game da kanta, kuma ba ya gaya maka tsawonta. Saboda haka zubin da ya ba ka harafin ƙarshe bai ƙare ka da komai ba, tunda amon ya riga ya ba ka shi. Wanda aka ce wa "mai amsa amo da *gari*" sannan aka ba shi `???I`, an ba shi tsawo ne kawai. Harafin da yake da daraja shi ne na farko ko na biyu.

## Wane amsa-amon ake nufi?

Nan ne gardamar take farawa, domin kalmar amsa-amo ba abu ɗaya take nufi a bakin kowa ba.

Mafi sassauci shi ne a ce wasalin ƙarshe kaɗai ya isa. A Hausa wannan kusan ba sharaɗi ba ne. Mafi yawan kalmominmu da wasali suke ƙarewa, wasulan kuma biyar ne a rubuce, sannan kusan duk sunayen da suke jinsin mace da *a* suke ƙarewa. In aka bi wannan ma'auni, `?W???` mai amon *tari* zai karɓi *gwani*, *gwaji*, *kwali*, *kwaɗi*, *kwaɓi*, har a gaji da lissafi. Ba mai tambayar kirki da zai tsaya a nan.

Sai ma'aunin marubuta waƙa, wanda suke kira ƙafiya. A rubutacciyar waƙar Hausa gaɓar ƙarshe ce take amsawa, wato baƙi da wasalinsa tare. A waƙa 'yar ƙwar biyar, ɗangwaye huɗun farko na baiti suna tafiya da ƙaramin amsa-amo wanda yake sauyawa daga baiti zuwa baiti, ɗango na biyar kuma yana riƙe da babban amsa-amo, irin su *-na* ko *-wa* ko *-ya*, daga farkon waƙar har ƙarshenta. Wanda ya tashi da wannan a kunnensa, in ka ce masa *gari*, abin da zai ji shi ne *-ri*. A wurinsa *biri*, *wuri*, *sauri*, *gishiri*, *haƙuri* da *labari* duk sun amsa, kuma ba wanda ya isa ya ce ya yi kuskure.

Akwai kuma ma'aunin da ya fi wannan tsanani, wanda masu wasa a waya suka fi sabawa da shi: a haɗa da wasalin da ya gabaci gaɓar ƙarshe, baƙin farko kaɗai ya bambanta. A nan wutsiyar *gari* ta zama *-ari*. Ko da wannan tsananin, dubi abin da gurabe huɗu suke ɗauka: *bari*, *ɓari*, *ɗari*, *fari*, *hari*, *jari*, *kari*, *ƙari*, *mari*, *sari*, *tari*, *wari*, *yari*, *zari*. Goma sha huɗu ke nan ban da ita *garin* kanta. Wanda ya kafa tambaya a haka ba tare da harafin farko ba, ba tambaya ya yi ba, ƙuri'a ya jefa. In ka kasa, kada ka yarda ka ba shi gari irin na kacici-kacici, laifinsa ne.

Wani amfanin zubin haruffa da ba a cika lura da shi ba: yana tona ma'aunin da mai tambaya ya bi. A ce an ba ka *gari* da `?I??`. Wutsiyar *-ari* ba za ta shiga ba, domin gurbi na biyu da ya kamata ya zama A an riga an zaunar da I a cikinsa. To, ba sai an faɗa maka ba, ka san ƙafiyar mawaƙa ake nufi, sai ka cike `?IRI` ka duba *biri*, *jiri*, *kiri*, *ƙiri*. Masu saurin cewa "babu irin wannan kalma" yawanci sun manne ne wa ma'auni ɗaya, alhali zubin yana nuna musu wani.

## Abin da rubutun boko yake ɓoyewa

Ana yawan cewa Hausa yadda ake faɗinta haka ake rubuta ta. Gaskiya ne a kan baƙaƙe, amma akwai abu biyu da rubutun boko na yau da kullum ba ya nunawa, kuma dukansu na kunne ne: tsawon wasali da karin sauti. *Gari* na mutane da *gari* na tuwo rubutunsu ɗaya, amma na farko gajeren *a* gare shi, na biyu dogo. *Fari* na launi da *fari* na rashin ruwan sama duka gajeren *a* ne, sai dai na launi muryar tana tsayawa a sama a gaɓoɓin biyu, na rashin ruwa kuma ta hau sannan ta sauka. Ajami ya fi boko a rabin wannan matsala, domin yana nuna dogon wasali da alifi ko wawu ko ya, amma shi ma ba ya nuna kari.

Ba ƙaramin abu ba ne a waƙa. Ɗalhatu Muhammad na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya wallafa nazari a 1980 inda ya nuna cewa mawaƙan Hausa kan daidaita karin sautin ƙarshen ɗangwayensu, abin da ake kira amsa-amon kari. Wato kunnen Bahaushe ya daɗe yana jin wannan daidaito, ko da bai san sunansa ba.

In aka tace jerin *-ari* da wannan rariya, sai ya rabu gida-gida. *Gari* na mutane yana tafiya da *ɗari* na ƙirga da *kwari* na zuba kibau: gajeren *a*, murya daga ƙasa zuwa sama. *Gari* na tuwo yana tafiya da *tari* na mura da *ƙwari* masu cin amfanin gona: dogon *a*, daga ƙasa zuwa sama. *Mari*, *ƙari*, *jari*, *tsari* da *tari* na tarin kaya gidansu ɗaya: dogon *a*, daga sama zuwa ƙasa. *Ɗari* na hunturu da *wari* na ruɓa da *ƙwari* na ƙarfi su ma gidansu daban, dogon *a* da murya a sama duka. Mai shakka ya furta su a jere da ƙarfi, zai ji yadda 'yan gida ɗaya suke faɗawa kan juna. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Paul Newman na 2007 duka suna nuna tsawo da kari, don haka akwai inda za a kai ƙara in gardama ta ƙi ƙarewa.

## Mu warware tambayar daki-daki

Ga ta kuma: amon *tari*, zubi `?W???`.

Matakin farko, a dasa wutsiya daga dama. Ko wane ma'auni aka bi daga na mawaƙa zuwa sama, gurabe biyun ƙarshe R da I ne, sai zubin ya koma `?W?RI`. Gwada *-ari* ya shiga lafiya ba tare da ya ture W ba, saboda haka muna da `?WARI`. Saura gurbi ɗaya.

Mataki na biyu, kada a bi baƙaƙe tun daga B har Z ana gwadawa. A daidaitacciyar Hausa baƙaƙen da suke goya W kaɗan ne: K, Ƙ da G. GWARI sunan ƙabila ne, kuma sunayen mutane da ƙabilu da garuruwa ba a cika karɓarsu a irin wannan wasa ba sai an faɗa tun farko, to abin da ya rage shi ne KWARI da ƘWARI. Rubutu biyu ne, amma kalmomi huɗu ne a baki: kwarin kibau, kwarin da ruwa yake kwanciya a ciki, ƙwarin gona, da ƙwarin jiki.

Mataki na uku shi ne komawa kan kalmar da aka bayar, kuma nan ne mutane suke tsallakewa. Wane *tari* ne? In na mura ne, to ƙwarin gona ne kaɗai ya dace da shi a tsawo da kari, amsa ta zama ƘWARI ba tantama. In kuwa tarin kaya ne, babu ko ɗaya cikin huɗun da ya dace cif. Mafi kusa shi ne kwarin ƙasa, wanda karinsa ya yi daidai amma wasalinsa gajere ne, sai amsar ta karkata zuwa KWARI. Ka ga ke nan ƙugiyar da za a sa ko a bari a gurbin farko ta dogara ne ga yadda mutum ya karanta wata kalma a zuciyarsa, kalmar da rubutu bai nuna masa yadda zai karanta ta ba. Mutum biyu suna iya bin hanya sahihiya su ɓulle wurare daban.

A wasan gicciye akwai alƙali na huɗu, wato kalmar da ta sauko ta gitta gurbin farko. In manuniyarta ta ce "da ita ake taka ƙasa," amsarta *ƙafa* ce, gurbin ya zama Ƙ, magana ta ƙare. Amma a tambayar da aka jefo ita kaɗai, a aji ko a rediyo, babu wannan alƙalin.

Shi kuma mai *hwari* fa? A Hausar Sakkwato da Katsina da yankuna da dama na Nijar, *fari* ana furta shi *hwari*, kuma in aka rubuta yadda ake faɗa, haruffa biyar ne, na biyu W. Bai yi ƙarya ba. Abin da za a iya ce masa shi ne wasan da daidaitacciyar Hausa ake yin sa, amma wannan sharaɗi ne da ake faɗa kafin a fara, ba bayan an ga wanda ya ci ba.

## Harafi nawa ne a cikin "tsari"?

Ko ƙirgar guraben ma ba a gama daidaitawa a kanta ba. A makaranta an koya mana *sh* da *ts* a matsayin baƙi ɗaya-ɗaya cikin abacada, domin kowannensu sauti ɗaya ne. To *tsari* gurbi huɗu zai ci ko biyar? In huɗu ne, ya shiga jerin su *mari* da *jari*. In aka faɗaɗa hujjar zuwa baƙaƙe masu goyo irin su *kw*, *ƙw*, *gy*, sai *kwari* ma ta koma huɗu, zubin `?W???` ya rushe gaba ɗaya.

Wasu harsuna sun yanke hukunci. A wasannin cike gurbi na harshen Welsh, tagwayen baƙaƙe irin su LL da DD gurbi ɗaya suke ci, haka IJ a yawancin na mutanen Holan. Masu goyon bayan a yi haka a Hausa suna cewa ya fi dacewa da yadda harshen yake, kuma yaro ba zai ruɗe tsakanin abin da aka koya masa da abin da wasa yake nema ba. Masu ɗaya ra'ayin suna cewa madannin waya harafi ɗai-ɗai yake bugawa, kuma raba T da S yana sauƙaƙa gitta kalmomi. Ni dai na fi karkata ga na biyun, don kawai shi ne abin da hannun mutane ya saba da shi, amma da sharaɗin a rubuta ƙa'idar a saman wasan.

Iyaka ma tana shiga maganar. Abin da Nijeriya take rubutawa *'ya'ya*, Nijar *ƴaƴa* take rubutawa. A Maraɗi gurabe huɗu ne babu gardama, a Kano kuwa sai an yanke ko alamar ɗauri tana da gurbinta, a samu shida, ko ba ta da shi. Haka *sa'a* da *ba'a*: wanda ya jefar da alamar ya ce uku ne, ya jefar da baƙin da gaɓar ƙarshe ta ginu a kansa, wato ainihin abin da yake amsa amon.

Ƙugiya kuwa, a ganina, ba abin sassauci ba ce. Wasan da ya ɗauki K da Ƙ a matsayin abu ɗaya don wayar wasu ba ta da su, ya mayar da *kari* da *ƙari*, *bari* da *ɓari* kalma ɗaya, kuma yana koya wa yara kuskuren da malamai suke fama da gyarawa.

## In da Turanci ake wasan

Da yawa daga cikinmu da Turanci suke buga waɗannan wasanni, kuma dabarar dasa wutsiya da ta yi mana aiki a sama tana iya kai mutum rami a can. A Turanci amo ɗaya yana da rubutu iri-iri: `blue`, `shoe`, `chew` da `through` duk suna amsa wa juna, amma ba biyu a cikinsu da suka ƙare da haruffa biyu iri ɗaya in ban da E ɗin `blue` da `shoe`. A ɗaya gefen, `cough` da `though` a ido 'yan gida ɗaya ne, a kunne ko kusa. Saboda haka wanda aka ba `blue` da `?H??` ba zai rubuta U da E a ƙarshe ba. Sai ya fara jera duk hanyoyin da ake rubuta wannan amo, sannan ya gwada kowace a kan zubin, ya samu irin su `shoe` da `chew`, ya jira harafin da zai raba su.

Manhajojin neman amsa-amo na Turanci da yawa sun dogara ne ga ƙamusun furuci na Jami'ar Carnegie Mellon, mai kalmomi sama da 134,000, kuma furucin Arewacin Amurka ne a cikinsa. Shi ya sa wani lokaci za a ce maka kalmomi biyu sun amsa, kai kuma da Turancin da ka koya a nan ba ka ji sun amsa ba.

## Neman kalma daga wutsiya

Matsalar ƙamus na yau da kullum ita ce daga kai yake jera kalmomi, mai neman amo kuwa daga wutsiya yake nema. Malaman zaure sun san maganin wannan tun da daɗewa, domin manyan ƙamusoshin Larabci irin su Sihah na Jauhari, Lisanul Arab na Ibn Manzur da Ƙamusul Muhiɗ na Fairuzabadi da harafin ƙarshe na saiwar kalma suke buɗe babi. A Turanci ma John Walker ya fitar da ƙamus a 1775 wanda ya jera kalmomi daga ƙarshensu.

Mai kwamfuta da jerin kalmomin Hausa, kowace a layinta, zai iya yin irin wannan da layi biyu:

```
rev kalmomi.txt | sort | rev
grep -E '^.w.ri$' kalmomi.txt
```

Na farko yana juya kowace kalma, ya jera, ya sake juyawa, sai duk masu wutsiya ɗaya su taru wuri guda. Na biyu yana fitar da masu dacewa da zubin, inda kowane ɗigo yake tsaye a madadin harafi ɗaya. Akwai tarko a nan: a tsarin `UTF-8`, harafin ƙ bayit biyu ne, ba ɗaya ba kamar k. In kwamfutar tana kan saitin `LC_ALL=C`, ɗigon bayit ɗaya yake kamawa, sai ta kawo *kwari* ta yi shiru a kan *ƙwari*. Alamar da za ka gane ita ce duk sakamakonka babu mai ƙugiya a gurbin ɗigo. Kuma ko an gyara wannan, abin da na'urar ta tace rubutu ne. Tsawon wasali da kari sai ka furta da bakinka.

## Wa abin yake shafa?

Inda wasa ne tsakanin abokai, gardamar ma daɗi ce. Amma malamin firamare da ya sa irin wannan a jarrabawa, ko mai shirin rediyo da ya ɗora katin waya a kan amsa, yana iya kayar da wanda ya fi kowa kunnen Hausa. Yaron da ya ji *tari* na mura ya rubuta *ƙwari* ya yi tunani mai zurfi fiye da takardar amsar da ta ce *kwari*, kuma yarinyar da ta zo daga Birnin Ƙonni ta rubuta *hwari* harshen gidansu ta rubuta.

Gyaran ba shi da tsada. Mai tambaya ya sa kalmar amon a cikin 'yar jimla don a san wace ce, ya faɗi ko gaɓar ƙarshe yake nufi ko fiye, sannan ya ƙara ɗan hasken ma'ana in har zubin bai ba da harafin farko ba. Kafin ya saki tambayar, ya zauna ya jera duk kalmomin da za su iya shiga, in sun wuce ɗaya ya san da saura. Tambayarmu da an kafa ta haka: "Mai amsa amo da *tari* na mura, ana yi musu feshi a gonar wake, gurabe biyar, kowane harafi da gurbinsa, na biyu W." Kwarin kibau ba a yi masa feshi, kwarin ƙasa wasalinsa bai kai ba, *hwari* ma'anarsa ta fitar da shi, sai ƘWARI kaɗai, da ƙugiyarsa.